An rufe gurbin kafin in tura takarduna, ko in rubuta wa mai ɗaukar ma'aikatan?

Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar lissafin kuɗi ce, shekarata huɗu a wani ƙaramin kamfani, ni nake shirya albashi da daidaita asusun banki. Na ga tallar gurbin jami'in albashi a wani babban kamfani, aikin kamar don ni aka yi shi. Na tsaya gyaran takarduna, ga rufe lissafin ƙarshen wata ya sha kaina, da na koma shafin ranar Laraba sai na tarar an rufe tun Litinin. Sunan matar da ke kula da ɗaukar ma'aikatan da adireshin imel ɗinta suna ƙasan tallar, kuma na adana. Ina so in rubuta mata ta tuna da ni idan irin wannan gurbi ya sake fitowa. Yayana ya ce wannan zubar da kai ne, wanda bai iya cika wa'adi ba me zai je ya faɗa. Ƙawata kuma ta ce in tura takardun kawai, in ce intanet ce ta hana ni. Kunya nake ji, kuma ban san abin da zan rubuta ba.

Wata 'yar'uwarku

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki rubuta mata, kuma ki yi shi cikin makon nan. Amma kafin ki taɓa madannai, bari mu leƙa teburin matar nan mu ga abin da ke gabanta, domin daga nan ne za ki gane irin saƙon da zai yi miki aiki da wanda za a share ba a kai ƙarshensa ba.

A yawancin manyan kamfanoni, mai ɗaukar ma'aikata ba a akwatin imel take ajiye masu neman aiki ba. Akwai manhajar da aka tanada don haka, irin su Workday, Greenhouse, Lever ko Taleo. Kowane gurbi yana da lambarsa a ciki, kowane mai nema yana da nasa fayil, kuma idan ranar rufewa ta cika, ƙofar shigar da takardu takan rufe da kanta. Bayan nan sai tantancewa: a tace masu yawa su koma kaɗan, a miƙa wa shugaban sashen da ke buƙatar mutum, a tsara intabiyu. Ranar Larabar da kika koma shafin, matar nan tana tsakiyar wannan aikin, kuma ba mamaki tana riƙe da wasu guraben da dama a lokaci guda. Don haka saƙon da ke neman ta buɗe miki ƙofar da aka rufe, yana neman abin da sau da yawa ba ta da ikon yi, ko kuma idan ta yi, sai ta bayar da hujja ga na sama da ita. Akwai kuma mutanen da suka hana idonsu barci suka cika wa'adi, su ma suna da haƙƙi a kanta. Saƙon da ke cewa "na san an rufe, ga ni don gaba" kuwa, ba ya ɗora mata nauyin komai. Minti biyu ya ishe ta ta shigar da ke rumbun bayananta, kuma neman mutanen da suka dace tun kafin a buƙace su yana cikin aikin da ake biyanta a kai.

Wannan shi ne amsar maganar yayanki. Ba na ganin mugunta a ciki, yana kare miki mutunci ne, kuma yana da gaskiya a wuri ɗaya: saƙon magiya da kuka da halin rayuwa yana rage wa mutum daraja a idon mai ɗaukar aiki. Inda ya kuskure shi ne ɗaukar da ya yi cewa kowane saƙo bayan wa'adi magiya ne. Ke ba alfarma za ki nema ba. Kina da ƙwarewar shekara huɗu a aikin da kamfanin ya nuna da bakinsa yana buƙata, kuma za ki sanar da wadda aikinta shi ne nemo masu wannan ƙwarewar. Idan kin gama rubuta saƙon, ki nuna masa. Ina kyautata zaton zai sauko.

Shawarar ƙawarki ce nake so ki ajiye gaba ɗaya. Tallar ta yi kwanaki a buɗe, watakila makonni, kuma matar ta san haka, ta kuma ji uzurin intanet har ta gaji. Ga shi aikin da kike nema na albashi ne, aikin da jigonsa biyu ne: cika wa'adi da amana. Ƙaramar ƙarya a saƙonki na farko tana taɓa duka biyun. Abin da zai sanyaya miki rai shi ne babu wanda yake bin ki bashin bayani. Ba sai kin faɗi dalilin da ya sa kika makara ba, gaskiyarsa ko ƙaryarsa. Jimla ɗaya ta wadatar: kin ga an rufe karɓar takardu ranar kaza. Ba ta san ko kin ga tallar tun farko ko sai daga baya ba, kuma ba ta da buƙatar sani.

Sai dai zan gaya miki gaskiya game da matsayinki a layi, don kada ki sa rai fiye da kima. Idan gurbi irin wannan ya sake fitowa, waɗanda ake fara tunawa su ne waɗanda suka kai intabiyun ƙarshe aka ɗauki wani. Bayansu sai waɗanda ma'aikatan kamfanin suka gabatar, sannan a shiga rumbu a bincika. Ke a rukuni na uku za ki shiga. To me ya sa ya cancanci wahalar? Saboda guraben da aka rufe suna sake buɗewa fiye da yadda mutane suke zato. Wanda aka zaɓa yakan ƙi tayin saboda albashi bai yi masa ba, ko kamfaninsa na yanzu ya ƙara masa kuɗi ya zauna, ko binciken wuraren da ya yi aiki ya fito da matsala, ko ya fara aikin ya bari a watannin gwaji. Wani lokaci ma shugaban sashe yakan duba duk waɗanda aka tace ya ce babu wanda ya yi masa. A irin wannan rana mai ɗaukar ma'aikata tana cikin matsi, kuma sunan da yake kusa da hannunta shi take fara kira. Shi ya sa na ce makon nan: yanzu buƙatun gurbin suna sabo a kanta, za ta iya auna ki da su a kallo ɗaya. Bayan wata biyu hankalinta ya koma wasu guraben.

Yanzu ga saƙon kansa. Ki rubuta shi da harshen da aka rubuta tallar da shi. Ki fara da layin take, inda aka rubuta Subject, domin shi kaɗai ne kike da tabbacin za ta gani. Kada ki sa "Neman taimako" ko "Gaisuwa", kada kuma ki bar shi fanko. Ki sa sunan gurbin kamar yadda yake a tallar, da lambarsa idan akwai, da abin da kike so: misali, "Jami'in albashi, lamba kaza: neman a duba ni a gurabe masu zuwa". Lambar nan tana da amfani, da ita take bincike a manhajarta, kuma ko bayan wata shida ta rubuta sunan gurbin a akwatinta, saƙonki zai fito.

Jikin saƙon kada ya wuce kalma 150. Ga yadda naki zai iya kasancewa:

"Malama wance, barka da aiki. Na ga tallar gurbin jami'in albashi mai lamba kaza, kuma na san an rufe karɓar takardu ranar Litinin, don haka ba a kan wannan zagayen nake rubutowa ba. Ina neman ki sa ni cikin waɗanda za a duba idan gurbi makamancinsa ya fito a sashen albashi ko na lissafin kuɗi. Shekarata huɗu ina shirya albashin ma'aikata kusan 80 duk wata, tare da cire haraji da kuɗin fansho, ina kuma daidaita asusun banki uku. Ina aiki da Excel da manhajar albashi kaza, wadda na ga an ambata a tallarku. Zan iya fara aiki bayan sanarwar wata ɗaya. Na haɗo takardar tarihin aikina, kuma na amince ku adana bayanaina don wannan dalili. Idan akwai wani fom da kuka fi so in cika, ki nuna mini in cika. Na gode."

Alƙaluman da na sa misali ne, ki musanya su da naki na gaskiya. Amma ki lura da abin da kowane yanki yake yi. Jimlar farko tana kwantar mata da hankali cewa ba rigima kika zo da ita ba. Ta biyu tana faɗin irin gurbin da kike so, da iyakarsa. Mutane da yawa suna rubuta "kowane irin aiki ne zan yi", suna ganin hakan zai faɗaɗa musu dama, alhali rufe ta yake yi, domin mai shigar da ke rumbu sai ta ba ki rukuni, kuma "kowane aiki" ba rukuni ba ne. Ki ambaci sashe ɗaya ko biyu da suke maƙwabtaka, ki tsaya nan. Jimlolin tsakiya su ne hujjarki, kuma ki ciro su daga tallar da kika adana: ki duba buƙatu biyu ko uku da aka sa a sama, ki amsa su da adadi. "Ina da ƙwazo da riƙon amana" kowa yana rubuta shi. "Albashin mutum 80 duk wata" naki ne ke kaɗai. Ki kula dai, tunda sirrin kuɗin kamfani ke hannunki, kada ki ambaci jimillar albashin da kuke biya ko wani abin da kamfaninku na yanzu ba zai so ya fita ba. Adadin ma'aikata a ƙiyasce ya isa.

Jimlar amincewa da adana bayanai, wadda za ki ga kamar ƙawa ce, tana da dalili na doka. A ƙasashe da yawa akwai dokokin kare bayanan mutane, fitacciyarsu ita ce GDPR ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a watan Mayun 2018, kuma irin waɗannan dokoki ba sa barin kamfani ya riƙe takardun mai neman aiki har abada ba tare da dalili ba. Shi ya sa kamfanoni da dama suke goge takardu bayan wani lokaci, ko su nemi izini kafin su ajiye su don gaba. Idan kin ba da izinin a rubuce tun farko, kin cire mata wani shinge. Wannan kuma yana nufin zamanki a rumbun ba na dindindin ba ne. Ki leƙa shafin kamfanin, wurin bayanin sirrin masu neman aiki, sau da yawa sukan faɗi tsawon lokacin da suke ajiyewa.

Abin da za ki haɗa da saƙon guda ɗaya ne, takardar tarihin karatu da aiki, wadda ake kira CV, shafi ɗaya ko biyu. Kada ki tura takardun shaidar makaranta, katin shaida, ko hoton fasfo, ba a kai nan ba, kuma bayanai ne da bai kamata su riƙa yawo a imel ba. Ki adana takardar a PDF, ki ba fayil ɗin sunanki, kamar haka:

```
Suna-SunanMahaifi-CV.pdf
```

Nan ne wata matsala take ɓoye wadda mutane ba sa lura da ita. Idan kika buga takardar, kika ɗauki hotonta da waya, sannan kika mayar da hoton PDF, idon mutum zai karanta, amma manhajar da ke ciro rubutu daga takardu za ta iya ganin hoto kawai. Ranar da matar ta bincika kalmar "albashi" a rumbu, sunanki ba zai fito ba. Gwajin mai sauƙi ne: ki buɗe fayil ɗin a kwamfuta, ki danna Ctrl+F, ki nemi wata kalma da kika san tana ciki. Idan ta fito, lafiya. Idan ba ta fito ba, ki koma Word ki adana shi PDF kai tsaye daga can. Saboda wannan binciken ne kuma ya kamata kalmomin da tallar ta yi amfani da su su bayyana a takardarki, matuƙar gaskiya kin yi aikin. Idan sun kira aikin da wani suna, ke kuma kamfaninku yana kiransa da wani, ki yi amfani da nasu.

Ki tura daga adireshinki na kanki, mai ɗauke da sunanki. Kada ki kuskura ki tura daga imel ɗin ofis: kamfaninku yana iya ganin abin da ke wucewa ta cikinsa, kuma ranar da kika bar aikin, amsar da kike jira za ta faɗa akwatin da ba naki ba. Ki tura a ranar aiki da safe, ga mutum ɗaya. Kada ki jera shugaban kamfani da shugaban sashe a layin Cc don a ga kin yi ƙoƙari, matar za ta ji kamar kin tsallake ta ne.

Akwai abu ɗaya da ban gane daga wasiƙarki ba, kuma yana canza shawarar kaɗan. Ki dubi abin da ke bayan alamar @ a adireshinta. Idan sunan kamfanin da ke da gurbin ne, ma'aikaciyarsu ce, kuma guraben kamfanin kaɗai take gani. Idan sunan wani kamfani ne daban, to dillaliyar ma'aikata ce, wadda take nemo wa kamfanoni da yawa mutane, kuma kamfanin da ya ɗauki mutum shi yake biyanta lada. Wannan ta biyun za ta fi saurin amsa miki, domin kowane mutum mai ƙwarewa jari ne a wurinta, kuma ƙila tana da gurbin albashi a wani wurin yanzu haka. Amma ki ƙara jimla ɗaya a saƙon: kada a miƙa takardarki ga kowane kamfani sai an sanar da ke. Dalili biyu ne. Takardar tana iya isa ga wanda ya san shugabanki na wurin aiki alhali ba ki shirya a sani ba. Kuma idan dillalai biyu suka gabatar da ke ga kamfani ɗaya, ko ke kin nema da kanki ita ma ta tura ki, gardamar wa ya kawo ki tana iya sa kamfanin ya ajiye takardarki don gudun rigima. Ko wacece ita, idan aka ce ki biya kuɗin rajista ko na "ajiye miki gurbi", ki janye, alamar damfara ce. Haka idan adireshin na Gmail ne ko makamancinsa alhali ana da'awar babban kamfani, ki tabbatar da tallar a shafin kamfanin na ainihi kafin ki tura komai.

Bayan kin tura, abu huɗu ne zai iya faruwa, kuma kowanne yana da ma'anarsa. Idan saƙon ya dawo da rubutun Undeliverable, ko dai kin yi kuskuren harafi a adireshin, ko an buɗe shi ne don gurbin kawai an rufe. Sai ki nemi adireshin sashen ɗaukar ma'aikata a shafin kamfanin, ko ki nemi matar a LinkedIn ki tura mata gajeren saƙo mai jimla biyu ko uku. Idan amsa ta zo nan take tana cewa ba ta ofis, ki duba ranar dawowarta, ki ƙara kwana biyu kafin ki sa rai. Idan ta amsa da cewa "ki yi rajista a shafinmu", kada ki ɗauka korar ki ta yi. A kamfanoni da yawa ba a yarda ta shigar da takardar da ta zo ta imel ba, sai mai ita ta shigar da kanta ta danna amincewa. Ki yi rajistar a ranar, sannan ki mayar mata da layi ɗaya cewa kin yi, kin gode. Na huɗu, wanda ya fi yawan faruwa, shi ne shiru. Shiru a nan ba hukunci ba ne a kanki, sau da yawa an karanta an ajiye, ba a dai ga abin amsawa ba tunda babu gurbi a hannu.

Idan shirun ne, ki bari mako biyu ya wuce, ki tura tunatarwa guda ɗaya ta hanyar danna Reply a kan saƙonki na farko, don duka su zauna wuri ɗaya. Jimla biyu: kina tabbatar da cewa saƙon ya isa, kuma har yanzu kina da sha'awa. Daga nan ki dakata. Kada ki sake rubutawa sai da sabon dalili, kamar kin samu wata takardar ƙwarewa, ko an ƙara miki matsayi, ko sabon gurbi ya fito.

Wannan na ƙarshen shi ne inda mutane da yawa suke asarar wahalarsu. Sukan ɗauka tunda an ce "za mu tuna da ke", to kira kawai za su jira. A'a. Imel ɗin nan ba ya maye gurbin neman aiki. Ranar da sabon gurbi ya fito, dole ki shiga shafin ki cika fom kamar kowa, domin wanda ba ya cikin fayil ɗin gurbin, sau da yawa ba a iya tura shi gaba ko da ana so. Bayan kin cika, sai ki koma kan tsohon zaren saƙonku ki ce: "Na rubuto miki a watan kaza game da gurbin albashi, yau na nemi sabon gurbi mai lamba kaza." A nan ne saƙon yau zai biya ki, domin za ta buɗe takardarki tana sane da sunan. Don kada wa'adi ya sake kuɓuce miki, yau ɗin nan ki kunna sanarwar sababbin gurabe a shafin kamfanin, wadda galibi ake rubutawa Job alerts, ki kuma ajiye gyararriyar takardarki a waya da kwamfuta. Tunda kin san makon ƙarshen wata ba naki ba ne, duk tallar da wa'adinta ya faɗa cikinsa ki ɗauka ranar 20 ga wata ce ranar rufewarta, ki tura kafin nan.